Yadda ake zaɓen hoton da za a mayar da shi zane ba tare da kamannin mai shi sun ɓace ba

Tambayar da aka fi yi mini a kan aikin mayar da hoto zane ita ce: "Wace manhaja kake amfani da ita?" Mai tambayar yakan ce ya gwada manhajoji uku ko huɗu, amma duk lokacin da ya saka hoton mahaifiyarsa ko na amaryarsa sai wata baƙuwar fuska ta fito masa, kyakkyawa dai, amma ba ita ba. Idan na ce ya nuna mini hoton da ya saka, kusan kullum a nan nake ganin matsalar. Manhaja ko mai zane da hannu, dukkansu da abin da ke cikin hoton suke aiki. Inda hoto ya nuna hanci da ido da layin haɓa sarai, sai su bi su. Inda ya ɓoye su cikin duhu ko dishi-dishi, sai su cike gurbin da kintace, kuma fuskar da aka kintata ta wani ce daban.

Matakan da ke ƙasa su nake bi kafin in karɓi hoto, musamman idan zanen na bugawa ne a saka a firem, ko a kalanda da littafin rabo na biki. Ka bi su a jere, domin matakan farko suna fitar da hotunan da ba sai ka ɓata lokaci a kansu ba.

1. Ka san inda zanen zai ƙare

Zanen da za a ɗora a fuskar WhatsApp ƙarami ne, yana yafe kurakurai da yawa. Wanda za a buga a firem mai inci 16 da 20 a rataye a falo, baƙi za su tsaya gabansa su ƙare masa kallo. Haka ma salon zanen. Katun mai layuka masu kauri da launi shimfiɗe yana buƙatar fuska mai haske ko'ina, wadda iyakokinta suka fito. Salon fensir ko na fenti kuwa yana son ɗan inuwa a gefe ɗaya na fuska, domin da inuwar ake fitar da tudun kunci da tsinin hanci. Ka yanke shawara a kan girma da salo tun yanzu.

2. Nemo asalin hoton

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi ceton aiki. Hoton da waya ta ɗauka da kyamara mai megafiksel 12 yakan kai kusan fiksel 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto. Idan aka turo shi ta WhatsApp yadda aka saba, sai a matse shi ya koma kusan fiksel 1600 a ɓangarensa mafi tsawo. Kaso mai yawa na bayanan fuskar ya tafi ke nan, ko da yake a allon waya ba za ka lura ba. Idan kuma wani ya gani a shafin sada zumunta ya yi sikirinshot, ya tura wa wani, shi ma ya sake yin sikirinshot, to abin da zai iso hannunka inuwar hoton ce kawai.

Don haka ka tambayi wanda ya ɗauki hoton da wayarsa, ko mai hoton bikin. Ka roƙe shi ya turo maka ta wurin da aka rubuta Document a WhatsApp, domin ta nan hoton yake zuwa da girmansa. Zaɓin HD ya fi turawar yau da kullum, amma shi ma yana ɗan matsewa. Imel ko kebul ko filash duk suna kawo asali.

Da ya iso, buɗe shi a ma'ajiyar hotuna ka danna Details ko Info. Za ka ga lambobi biyu kamar 4000 x 3000, da nauyin hoton. Asalin hoton waya yakan kai megabayit biyu zuwa biyar. Idan ka ga kilobayit ɗari ko ɗari biyu, an riga an matse shi.

Gargaɗi: kada ka yarda da "ai shi ne asalin, a wayata yake." Sau da yawa wanda ke wayar tasa shi ma turo masa aka yi. Lambobin za ka duba. Sunan hoton ma yana tona asiri: idan akwai WA a cikinsa, ta WhatsApp ya biyo.

3. Auna fuskar, ba hoton gaba ɗaya ba

Hoto na iya zama babba amma fuskar da kake so ta zama 'yar mitsitsiya a cikinsa. Ɗauki hoton taron suna mai faɗin fiksel 1600, mutum takwas a jere. Fuskar kowannensu ba za ta wuce fiksel 90 ko 100 ba. A firem mai inci 16 da 20, fuskar mutum ɗaya takan ci kusan inci takwas a faɗi. Raba 90 gida takwas, ka ga fiksel goma sha ɗaya ke nan ga kowane inci, alhali bugu mai kyau yana neman 300, babban firem da ake kallo daga nesa kuma yana iya wucewa da 150. Manhaja za ta ba ka zane mai kaifi tsaf duk da haka, kuma a nan yaudarar take: kaifin nata ne, ta ƙirƙiro shi, ba daga fuskar mutumin ya fito ba.

Ma'aunin da nake aiki da shi, fuska daga kunne zuwa kunne ta kai fiksel 500 ko fiye. Za ka iya ganewa idan ka yanke fuskar kawai a kwafin hoton, ka duba Details ɗin abin da ka yanke. Akwai kuma hanyar da ta fi sauri. Zuƙo hoton da yatsu har ido ɗaya ya kusa cika allo. Kana ganin iyakar baƙin ido da farinsa? Kana iya bambance gashin gira? Akwai ɗan ɗigon haske a ƙwayar idon? Idan amsar eh ce, hoton ya wuce. Idan idon ya zama dunƙulen baƙi, ko ka ga ƙananan murabba'ai kamar dabe, ajiye shi gefe ka nemi wani.

Gwajin idon nan yana kama wata matsalar kuma. Hoto yana iya samun fiksel isassu amma hannu ya girgiza lokacin ɗauka, ko kyamara ta kafa ido a kan bangon baya maimakon fuska. Alamar girgiza ita ce layuka su ninku, kamar leɓe yana da iyaka biyu. Alamar ta biyun kuma, ka ga zanen labule ya fi fuskar fitowa.

Gargaɗi: manhajojin da ke cewa suna "gyara tsohon hoto" su ma kintace suke yi. Sukan sauya siffar ido da haƙora. Idan ka bi da hoto ta cikinsu sannan ka mayar da shi zane, kintace biyu ka ɗora a kan juna.

4. Duba haske

A nan zan daɗe, domin haske ne yake ba fuska siffarta, kuma masu duhun fata sun fi cutuwa idan aka yi kuskure a nan.

Kyamarar waya tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta ɗauki matsakaici. Ka tsayar da mutum mai duhun fata sanye da farar shadda a gaban farin bango, sai kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don kada rigar ta ƙone. Sakamakon haka aikin wuyan rigar ya fito tsaf, fuskar kuma ta nutse. Manhaja idan ta sami irin wannan fuskar, ɗaya cikin biyu take yi: ko ta shafe ta da launi ɗaya babu tudu babu kwari, ko ta haskaka fatar ta mayar da mutum wani fari da danginsa ba su san shi ba. Na sha ganin wannan na biyun, kuma yana ɓata mini rai, domin launin mutum yana cikin kamanninsa.

Abin da nake nema shi ne goshi da kunci da haɓa duk a ga launinsu na gaskiya, ɓangare ɗaya na fuskar ya ɗan fi ɗayan haske, kuma ko a ɓangaren inuwar ana iya ganin fatar. Irin wannan haske ana samunsa kusa da taga ko ƙofar ɗaki da rana, ko a inuwar baranda mutum yana fuskantar waje, ko da hantsi da bayan la'asar. Ranar da hazo ko gajimare ya rufe rana ma haske yakan yi laushi.

Hoton tsakar rana a fili kuwa matsala ne. Rana tana bisa kai, sai gira ta jefa inuwa cikin ramin ido, hanci ya jefa tasa a kan leɓe, mutum kuma ya tsuke ido. Zanen zai ɗauki inuwar nan a matsayin siffar fuska, ya fito da mutum kamar wanda ya yi jinya. Inuwar bishiya ita ma sai an lura, domin hasken da ke ratsa ganye yana barin tabo-tabo a fuska, kuma tabon zai bi shi cikin zanen. Idan taga ko rana tana bayan mutum, fuskar takan yi duhu gaba ɗaya.

Sai hotunan zauren biki. Fitilu masu launin shuɗi da shanshanbali da ake ƙawata wuri da su suna rina fata. Ka dubi farin ido ko haƙora ko wani farin abu a hoton: idan ya koma shuɗi ko ja, to fatar ma ta rinu. Filashin kyamara da aka haska kai tsaye kuma yana barin farin ƙyalli a goshi da kan hanci, musamman idan akwai gumi ko mai, kuma inda ya ƙone fari fat babu abin da za a iya dawo da shi.

Gargaɗi: kada ka ƙara wa hoto mai duhu haske sosai da kanka kana zaton ka gyara. Abin da zai fito daga duhun ƙura-ƙura ce mai launi-launi, wadda manhaja za ta iya ɗauka a matsayin ƙuraje ko gemu. Ɗan ƙari kaɗan ba laifi. Idan sai ka ja ma'aunin har ƙarshe kafin ka ga ido, nemi wani hoton.

5. Ta ina aka ɗauka, kuma daga wane nisa

Mafi aminci shi ne kyamara ta kasance daidai da idon mutum, yana kallon gaba ko ya ɗan juya kaɗan yadda idanu biyun duk suna bayyane. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa yana buɗe ƙofofin hanci ya ƙara wa haɓa nauyi. Wanda aka ɗauka daga sama yana faɗaɗa goshi ya tsuke haɓa.

Salfi yana da nasa aibin da mutane ba su cika lura da shi ba. Saboda wayar tana nisan hannu ɗaya kawai, hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara sosai, sai ya fito babba, gefen fuska kuma ya ja baya. Zane yakan ƙara fito da duk abin da ya yi fice a fuska, don haka hancin zai ƙara girma. Wayoyi da yawa kuma suna juya salfi kamar madubi, tabon da ke kuncin dama ya koma hagu. Haka wanda ya tsaya a can gefen hoton taro, fuskarsa takan miƙe ta yi faɗi, musamman idan da 0.5x aka ɗauka, wato kyamarar da ke kamo wuri mai faɗi.

Ka tabbatar ba a yanke saman kai ba. Hula ko ɗaurin ɗankwali su fito gaba ɗaya da ɗan fili a samansu, kafaɗu biyu kuma su shigo. Idan an yanke rabin hula, manhaja za ta ƙarasa ta da abin da ta ga dama, kuma ba ta san yadda ake kafa zanna-bukar ko karya kube ba. Hannu a kan haɓa, ko waya, ko makirfo a gaban baki, duk suna rikita zane. Yatsu ne suka fi lalacewa. Gilashin ido ba laifi ba ne idan ana ganin idon ta cikinsa, kuma idan da shi aka san mutum a bar masa abinsa. Wanda haske ya faɗa a kansa ya rufe ido shi ne abin gudu.

6. Abin da ke bayan mutum

Abu ɗaya nake dubawa: ana iya bin iyakar kai da kafaɗu da ido ba tare da ta ɓace ba? Baƙin hijabi a gaban ƙofa mai duhu, ko farar hula a gaban farin bango, suna narkewa cikin bayansu, sai siffar kai ta fito a karkace. Labule mai furanni a bayan mai atamfa mai furanni shi ma haka. Ka duba kuma ko akwai sanda ko reshe da ya yi kamar ya tsiro daga kan mutumin, ko kafaɗar wani da ta shiga tasa. Bango mai launi ɗaya wanda ya bambanta da tufafin shi ne mafi sauƙi. Amma wannan shi ne aibin da ya fi gyaruwa, domin ana iya cire baya a sa wani. Saboda haka ba na ƙin hoto mai kyakkyawar fuska don bayansa ya yi hayaniya.

Gargaɗi: hoton da aka ɗauka da Portrait yana sa baya ya yi dishi-dishi, amma wani lokaci yakan haɗa da gefen ɗankwali, ɗan kunne ko bakin mayafi ya narkar. Zuƙo gefunan ka duba.

7. Guji hoton da aka riga aka yi wa kwalliya

Wayoyi da yawa suna zuwa da Beauty a kunne, musamman a kyamarar gaba. Yana goge fata, ya haskaka ta, wani lokaci ya ƙara girman ido ya rage haɓa. Alamarsa fata ta yi sumul kamar roba, babu ramin gashi ko ɗaya. Abubuwan da yake gogewa su ne ake gane mutum da su: layin murmushi, tawadar Allah, tsagar gado a kuncin dattijo. Zane kansa yana rage bayanai, to idan ka ba shi fuskar da aka riga aka rage, me ya saura?

8. Idan hoton na takarda ne

Yawancin hotunan iyaye da kakanni da suka rasu a takarda suke, kuma babu damar sake ɗauka. Kai shi shagon da ke da sikana, ka faɗa musu adadin dpi da kake so, wato yawan fiksel a kowane inci, domin in ka yi shiru da ƙaramin ma'auni za su yi. Hoto mai inci 4 da 6 a 600 dpi zai ba ka fiksel 2400 da 3600. Ɗan fasfo mai milimita 35 da 45 kuwa a 600 dpi kusan 830 da 1060 kawai zai bayar, don haka a yi shi a 1200 dpi. A goge gilashin sikanar, a adana a matsayin hoto mai launi ko da baƙi da fari ne, kuma kada a mayar maka da shi PDF.

Idan babu sikana, cire hoton daga firem in zai fita lami lafiya. In ya manne da gilashi kada ka ja shi, fuskar za ta ɓare. Ɗauke shi a haka. Shimfiɗa shi kusa da taga yadda haske zai zo daga gefe, kashe filash, riƙe waya daidai samansa ba a karkace ba, ka lura kada inuwarka ta faɗa kai.

9. Kwatanta waɗanda suka rage

Wata baiwar Allah ta kawo mini hotuna biyar na mahaifinta, tana son zanen fenti a firem mai inci 16 da 20 don murnar ritayarsa. Na farko shi ta fi so: yana cikin babbar riga ranar ɗaurin aure, amma cikin mutum tara yake, an turo ta WhatsApp, fuskarsa ba ta kai fiksel ɗari ba. Na biyu a filin Idi, babba ne kuma asali, sai dai rana ta take, hula ta jefa inuwa har kan hanci. Na uku salfi ne da jikansa, daga ƙasa, hanci ya cika hoton. Na huɗu na sutudiyo, an goge fuskar har tsagarsa ta ɓace. Na biyar ta haɗo shi ne kawai don cike lissafi: yana zaune a baranda da yamma cikin tsohuwar jallabiya, bayansa akwai babur da igiyar shanya.

Na ce mata, "Hajiya, wannan na barandar za mu ɗauka." Ta ce, "Haba Malam, Baba a jallabiya?" Na zuƙo idonsa na nuna mata. Hoton 3000 da 4000 ne, fuskar ta haura fiksel 800, haske ya zo daga hagu a tausashe, tsagar tana nan, ga ɗan murmushin da ta ce shi yake yi idan jikoki sun zo. Muka cire babur da igiya, muka yi amfani da hoton ɗaurin auren don ganin launin babbar rigar da aikin wuyanta kawai. Tufafi da baya ana iya aro su daga wani hoton. Fuskar ce dole ta fito daga hoto ɗaya mai kyau.

Idan hotuna biyu sun yi kunnen doki, nuna su ga wanda ya san mutumin sosai ka tambaye shi wanne ya fi kama da shi. Wani lokaci hoton da ya cika duk ƙa'ida yana ɗauke da fuskar da mutum yake yi wa kyamara kawai, a ɗaure, wadda iyalinsa ba su saba gani ba.

10. Idan babu mai kyau, sake ɗauka

In mutumin yana kusa, minti biyar sun isa. Goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa da ƙura suna sa hoto ya yi hazo. Yi amfani da kyamarar baya, kashe Beauty da filash. Zaunar da shi kusa da taga ko bakin baranda, hasken yana zuwa daga gaba ta ɗan gefe, ya matso kamar taku biyu daga bango. Kai kuma ja baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ka danna 2x, ka daidaita wayar da idonsa. Kada ka zuƙo fiye da haka sai in wayar tana da kyamarar nesa ta musamman. Taɓa fuskarsa a allo kafin ka ɗauka, don kyamara ta auna haske da ita maimakon riga. Ɗauki kamar guda goma kuna hira, ka zaɓa daga baya.

11. Gwaji kafin biyan kuɗi

Kuɗin aikin nan a wuri uku yake tafiya: data, kuɗin manhaja ko ladan mai zane, da bugu da firem. Data ba ta da yawa, 'yan megabayit ne. Manhajoji da yawa kuma kowane gwaji suna cire maka wani abu daga abin da ka saya, mai zane ma yakan nemi ƙari idan ka sauya hoto bayan ya fara. Bugu da firem su suka fi tsada, kuma ba a mayar da su. Saboda haka ka fara fitar da zanen a ƙarami, ka ajiye shi gefe da gefe da asalin hoton, ka duba tazarar idanu, faɗin hanci, siffar leɓe da launin fata. Ka tura wa wani ɗan gidan ba tare da ka faɗa masa ko wane ne ba. In ya kira sunan nan take, a buga. In ya ce "kamar wane," koma mataki na 3 da na 4.

Kafin ka ɗora hoton wani a kowace manhaja, nemi izininsa, musamman hoton mace ko na yara, domin yawancin manhajojin nan suna aika hoton zuwa na'urorin kamfaninsu ne su sarrafa shi a can. Ka kuma ajiye asalin hoton a wuri daban, duk yanka da gyara ka yi su a kan kwafi.